Allon da na ɗora a bangon da ya karkace ya ƙi zama, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wani ya ba ni hoton gininsa in ɗora masa allon suna a bango don ya ga yadda zai fito kafin a ƙera. An ɗauki hoton daga gefe, bangon yana tafiya ciki, kuma an lulluɓe shi da tayil. Na ja kusurwoyi huɗu a Photoshop, amma in na daidaita sama sai ƙasa ta goce, tsakiyar allon ba ta bin layin tayil, rubutun kuma kamar an miƙe shi. Ko an kalla sau ɗaya an san ɗorawa aka yi. Me zan gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Matsaloli biyu ne suka haɗu a hotonka, kai kuma kana yaƙar su da makami ɗaya. Ta farko ita ce tsukewar nisa, wato yadda abin da ya yi nisa da kyamara yake ƙanƙancewa. Ta biyu ita ce lanƙwasar da gilashin kyamara yake yi wa hoto. Hanyar rarrabe su mai sauƙi ce, kuma a kanta duk aikin ya rataya. Tsukewar nisa tana karkatar da layi, tana sa layuka biyu su doshi wuri ɗaya, amma ba ta taɓa lanƙwasa miƙaƙƙen layi. Duk layin da yake miƙe a gini, in ka gan shi ya yi baka a hoto, aikin gilashi ne. Jan kusurwoyi huɗu kuwa miƙaƙƙun gefuna kawai yake bayarwa. Shi ya sa za ka kwana kana ja, ƙarshen nan ya zauna, wancan ma ya zauna, tsakiya ta ƙi. Kana neman ɗora miƙaƙƙen gefe a kan layin da ya riga ya lanƙwashe.

Don haka ka ajiye allon tukuna, ka fara da hoton shi kaɗai.

Nemo layi mai tsawo wanda ka tabbata a miƙe yake a zahiri, kuma yana kusa da bakin hoton: gefen rufi, layin tayil na can sama, ko kusurwar gini. Ka buɗe sabuwar leya, ka ja siririn layi mai launi da Line Tool daga farkonsa zuwa ƙarshensa, sannan ka zuƙo tsakiyar ka duba. In layin ginin ya turo waje, ya nufi bakin hoton, wannan shi ne kumburin da gilashi mai faɗi ya saba yi. In ya lotsa ciki, ya nufi tsakiyar hoton, wannan ya fi zuwa daga gilashin da aka zuƙo nesa da shi. Na ce ka zaɓi layin da ke bakin hoto ne domin layin da ya ratsa ta tsakiyar hoto ba ya lanƙwashewa komai munin gilashin. Mutane da yawa suna gwadawa a tsakiya, su ga komai daidai, su wuce, alhali ɓarnar tana can gefe inda allon zai zauna.

Mu ɗauka hotonka fiksel 4000 ne a faɗi, 3000 a tsayi, kuma layin tayil na sama ya kauce wa naka da fiksel 18 a tsakiya. Ido ba zai lura da wannan a hoton shi kaɗai ba. Amma ranar da ka ajiye allo mai miƙaƙƙen baki a jikinsa, tazarar da ke tsakaninsu za ta buɗe a wani wuri ta rufe a wani, kuma ido yana da saurin kama irin wannan.

Gyaransa a Photoshop yana Filter > Lens Correction. In hoton na asali ne daga kyamara, bayanan gilashin suna nan a jikinsa, shafin Auto Correction zai iya gane gilashin ya gyara da kansa, kuma wannan ya fi gyaran hannu domin an auna gilashin ne takanas. In hoton ya bi ta hannuwa har bayanan sun goge, sai ka koma shafin Custom ka yi amfani da Remove Distortion. Turawa zuwa lamba mai ƙari yana rage kumburi, zuwa mai ragi yana cike lotsawa. Ka riƙa turawa kaɗan kaɗan kana duba layin nan. A GIMP kuwa Filters > Distorts > Lens Distortion ne, ka fara da Main, sai in can bakin hoton ya ƙi miƙewa ka taɓa Edge.

Akwai tarko uku a nan. Na farko, yawancin wayoyi suna gyara lanƙwasar tun kafin su adana hoton, don haka in gwajin layi ya nuna komai a miƙe, kar ka taɓa. Gyara a kan gyara yana mayar da kumburi lotsawa. Na biyu, in an yanke hoton daga gefe ɗaya kafin ya iso hannunka, tsakiyar gilashin ba ita ce tsakiyar hoton ba kuma. Alamar haka ita ce ka gyara dama, hagu ya lalace. Mafita ita ce ka roƙi mai aikin ya turo maka na asali. In babu, ka faɗaɗa filin aikin da Canvas Size ta gefen da aka yanke, har inda kake ganin tsakiyar gaske ta dawo tsakiya, ka cike wurin da launi ka haɗe su leya ɗaya, ka gyara, sannan ka sake yankewa. Na uku, wani gilashin yana kumbura a tsakiya ya juya ya lotsa a kusurwa, layi ya zama kamar igiyar ruwa. Maɓalli ɗaya ba ya warkar da wannan. In ba ka da bayanan gilashin, ka wadatu da miƙar da layukan da ke kewaye da wurin allon, sauran ka bar su.

Wani abin da ake ɗauka lanƙwasa ce alhali ba ita ba ce: yadda abubuwa suke miƙewa a kusurwar hoton gilashi mai faɗi, fitila mai zagaye ta koma kamar ƙwai. Matuƙar layuka a miƙe suke, wannan halin hoton ne, kuma allonka ma zai miƙe haka da kansa in kusurwoyinsa sun sauka inda ya dace.

Yanzu layuka sun miƙe, sai tsukewar nisa. Kusurwoyi huɗu sun isa su bayyana duk yadda shimfiɗaɗɗen abu zai kwanta a bango, ba a buƙatar ta biyar. Amma wannan yana nufin kuskure a kusurwa ɗaya yana yaɗuwa cikin allon gaba ɗaya. Saboda haka ba a sa kusurwa da ido. Bangon ne zai gaya maka inda za ta sauka.

A sabuwar leya, ka bi layukan tayil biyu masu kwance, ɗaya can sama ɗaya can ƙasa, ka ja su har su wuce bangon. Za su haɗu a wuri ɗaya, sau da yawa a wajen hoton, don haka ka ƙara faɗin filin aiki na ɗan lokaci. Wannan mahaɗar ita ce alƙiblar duk wani layi mai kwance a jikin bangon, har da bakin allonka na sama da na ƙasa. Ka ja layi na uku don tabbatarwa. In bai bi ta mahaɗar ba, ko dai lanƙwasa ta saura, ko ka bi layin da magini bai daidaita ba. Ka zaɓi layuka masu nisa da juna, domin biyu da ke maƙwabtaka kusan tare suke tafiya, kuskuren fiksel ɗaya sai ya jefa mahaɗar nesa da gurbinta.

Sannan ka dubi layukan tsaye. In mai ɗaukar hoton ya riƙe kyamara a daidaice, za su tsaya cak. In ya ɗaga ta sama don ya kama rufi, za su riƙa matsowa juna ta sama, kuma dole gefunan allonka na hagu da dama su bi su. Wannan ne nake zargin ya sa ƙasanka take gocewa in ka daidaita sama. Ka bar gefunan allon a tsaye sambal alhali ginin kansa ya ɗan jingina baya a hoton. Ka kuma kiyayi Edit > Transform > Perspective duk da sunansa, domin kusurwoyi biyu yake motsawa tare, daidai wa daida, bangon gaske kuwa da wuya ya faɗo haka. Abin da kake so shi ne Ctrl+T, ka danne Ctrl ka ja kowace kusurwa ita kaɗai, ko Edit > Transform > Distort. A GIMP, Perspective Tool yana ba kowace kusurwa 'yancinta.

Zan tsaya a nan in daɗe, domin wurin da ƙwararru ma suke zamewa ke nan. Sama da ƙasa na iya bin mahaɗa daidai, gefuna su bi layin tsaye daidai, amma rubutu ya fito a miƙe ko a matse. Dalili shi ne layukan nan ba su gaya maka inda allon zai ƙare ba. Kana iya tsayar da gefen nesa a ko'ina a kan hanyarsa zuwa mahaɗa, siffar ta yi kyau a ido, amma wuri ɗaya tak ne yake ba da faɗin allon na gaskiya. Kusan kowa yana wuce wurin, domin zuciya ta san allon dogo ne, sai hannu ya ƙi yarda ya gajarta shi yadda nisa ya gajarta shi.

Tayil ɗinka ya hutar da kai. A ce allon santimita 180 ne a faɗi, 60 a tsayi, kuma kowane tayil 30 ne ta kowane gefe. Allon zai rufe tayil shida a kwance, biyu a tsaye, ba ƙari. Ka ƙirga su a hoton, ka sa alama a mahaɗun tayil huɗu da suka zama kusurwoyin, ka ja allon zuwa gare su kana zuƙowa sosai.

Ga yadda lissafin yake fita in layukan tsaye suna tsaye. A ce gefen allon na kusa ya fito fiksel 600 a tsayi, na nesa 400, tazarar da ke tsakaninsu a kwance kuma fiksel 1000. Mutum zai zaci tsakiyar allon tana kan 500. Ba nan take ba. Ka ja layi daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama, ka ja wani ya gitta shi daga ɗaya ɓangaren. Inda suka gitta ita ce tsakiyar gaske, kuma za ka same ta a fiksel 600 daga gefen kusa. Rabin da ke kusa ya ci kashi shida cikin goma na wurin, na nesa ya samu huɗu. Ƙa'idar ita ce ka raba tsayin kusa da jimillar tsayin biyun:

```
600 / (600 + 400) = 0.6
0.6 * 1000 = 600
```

In ka kasa allon uku, tayil bibbiyu, kason farko zai ci kusan fiksel 429, na biyu 321, na uku 250. Dubi yadda na ƙarshe ya kusa zama rabin na farko, alhali a bango girmansu ɗaya. Wannan ya ba ka gwaji mai kyau. Ka sa ɗan layi a tsakiyar zanen allon tun yana shimfiɗe. Bayan ka ɗora shi, layin nan dole ya faɗa kan mahaɗar tayil ta uku. In ya faɗa, kusurwoyinka sun yi. In ya kauce, ɗaya daga cikinsu ta goce, ko kuma da Warp ka yi aikin, wanda yake iya ba ka siffar waje amma ya rarraba cikin ba bisa nisa ba.

To in bango sumul ne babu tayil fa? Sai ka nemi wani abu mai kusurwa huɗu a jikin bangon da za a iya auna maka, taga ko ƙofa, ka tambayi mai ginin faɗinsa da tsayinsa. Daga nan za ka iya tafiya da ma'aunin a jikin bango ba tare da lissafi ba. Ka miƙa layin saman tagar da na ƙasanta zuwa mahaɗa. Ka nemo tsakiyar tagar da layuka masu gittawa, ka ja layi daga nan zuwa mahaɗa, zai raba gefen tagar na nesa gida biyu. Sai ka ja layi daga kusurwar sama ta kusa, ya ratsa ta wannan rabin, ya ci gaba har ya taɓa layin ƙasa. Inda ya taɓa, nan ne taga ta biyu mai girman ta farko za ta ƙare da an jera su. Ka maimaita, ka samu ta uku. In tagar 90 ce a faɗi, biyu sun ba ka 180 ɗin allonka. Dole abin da ka auna ya kasance a fuskar bangon da allon zai hau. Tagar da ta shige ciki, ka ɗauki bakin ramin da ke fuskar bango, kar ka ɗauki gilashinta.

Akwai Filter > Vanishing Point, wanda yake nan tun Photoshop CS2 na 2005. Kana danna kusurwoyi huɗu, ya shimfiɗa maka raga a bango. Raga shuɗiya tana nufin ya karɓa, rawaya ko ja tana nufin kusurwoyin ba su yi masa ba. Yana da amfani wajen miƙa shimfiɗar bango zuwa inda babu alama, amma shuɗin bai zama shaidar cewa faɗi da tsayi sun yi daidai ba, sai ka gwada da abin da ka san girmansa. Kuma abin da ka liƙa a cikinsa yana fitowa a daskare, ba ka iya sauya rubutu daga baya. Ni na fi son in mayar da allon Smart Object tun farko in ja shi da Distort. Mai aiki zai dawo ya ce a canja launi ko a ƙara lambar waya, sai kawai ka buɗe shi a shimfiɗe ka gyara ka adana, ya koma gurbinsa. Ka zana shi da girma, tsayinsa ya wuce fiksel 600 ɗin da gefen kusa yake bukata, kamar 3600 a 1200, don kada gefen kusa ya dusashe.

Duk wannan in bangon a tsaye yake, kallonsa ne daga gefe. In kuwa shi kansa ginin jingine yake, kamar bangon da ke ƙarƙashin rufi mai gangara, to layukansa na hawa suna da tasu mahaɗar dabam da ta ƙofofi da ginshiƙai. Allon da aka ɗaure da ƙusoshi a kusurwa huɗu yana bin bangon. Firam ɗin da aka rataya a ƙusa ɗaya a bangon da ya rusuno ciki kuwa nauyinsa zai ja shi ya sauko a tsaye, ƙasansa ya rabu da bango. Ka tambayi yadda za a kafa shi kafin ka zaɓi layukan da za ka bi.

Saura kauri, wanda rashinsa ne yake sa allo ya zama kamar takarda. Kusurwoyi huɗun da ka samo na bayan allon ne, inda ya taɓa bango. Fuskarsa tana gaba da nan. Tunda daga gefe kake kallo, za ka ga kaurin gefen da ke kusa da kai, na nesa kuma ya ɓuya. In allon yana sama da tsayin kyamara, za ka ga ƙasansa, ba za ka ga samansa ba. A misalinmu santimita 60 ta ci fiksel 600 a gefen kusa, wato goma ga kowace santimita, amma kaurin santimita 5 ba zai ci 50 ba domin shi ma a karkace kake ganinsa, zai tsaya wajen 30. Alƙiblar da zai bi kuma ka ɗauko ta daga wani abin da ya fito daga bangon, kamar dakalin taga ko gefen ginshiƙi. Ka matsar da fuskar allon ta wannan alƙibla, gefen kusa ya fi na nesa matsawa, ka cike tsakanin da launin da ya ɗan fi duhu ko haske gwargwadon inda rana take.

Inuwa ma tana bin nisa. Drop Shadow yana ba da inuwa mai faɗi ɗaya daga wannan ƙarshe zuwa wancan, alhali ta gaske tana sirancewa tare da allon. Ka zana ta a tata leyar, ka ja ta da kusurwoyin bangon, ka sa ta a Multiply. Tsawonta da taushinta ka kwaikwayo daga inuwar dakalin taga a hoton, launinta ma ka tsinko daga can, domin inuwar gaske da wuya ta zama baƙa ƙirin. Ka ƙara wata siririya mai duhu daidai inda allon ya haɗu da bango. Daga nan ka zuƙo zuwa 100% ka kwatanta bakin allon da bakin tagar da ke kusa. Allon zai fi kaifi da tsabta. Gaussian Blur na rabin fiksel zuwa ɗaya, da ɗan Add Noise har ƙurar hoton ta yi kama a wuraren biyu, sun isa. Ka kuma duba cewa baƙin rubutun bai fi wuri mafi duhu a hoton duhu ba, farinsa bai fi farin bangon da rana ta haska ba.

Wani lokaci mai aiki zai ce shi hotonsa na asali yake so, kar a yanke masa gefe, gyaran gilashi kuwa yana cin ɗan bakin hoto. A nan sai ka yi duk aikin a kan kwafin da ka gyara, sannan ka mayar wa allon lanƙwasar. Ka haɗe allo da kaurinsa da inuwarsa a leya ɗaya, ka tabbata leyar ta kai girman hoton gaba ɗaya, domin lanƙwasa daga tsakiyar hoto ake auna ta, ba daga tsakiyar allo ba. A GIMP wannan shi ne Layer > Layer to Image Size. Sai ka sa lambar da ka yi gyara da ita a juye, in +6 ka sa, yanzu -6, ka ɗora a kan hoton asali. Juyawar ba ta mayar da abu daidai ɗari bisa ɗari, don haka tun farko ka bar layukan jagora biyu da ka ja a kan mahaɗun tayil su bi allon cikin leyar. In sun kwanta a kan mahaɗun tayil na hoton asali daga farko har ƙarshe, ka goge su. In sun kauce da fiksel biyu ko uku, ka ɗan motsa lambar da girman leyar har su kwanta. Don wannan hanyar, gara ka yi gyaran farko da hannu a shafin Custom, kuma ka cire alamar Auto Scale Image, saboda ka san ainihin lambar da za ka juya.